Zane-zanen jikin kwali: abin da bakod, QR da tambarin magani suka ƙunsa, da abin da ba su iya faɗa

A shagunan sari na babbar kasuwar Maraɗi, ba wuya ka ɗauki kwali guda ka tarar da alamomi uku a jikinsa: layuka baƙaƙe a tsaye da lambobi a ƙarƙashinsu, wani murabba'i mai idanu uku a kusurwoyi, sannan wani ƙaramin murabba'i da ya yi kama da shi amma babu idanun. Kaya suna shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, wasu daga Lome, wasu daga Aljeriya ta Agadas, kowane da irin zanensa. Alamomin kuma ƙaruwa suke yi, domin ƙungiyar GS1, wadda ke raba waɗannan lambobi a duniya, ta sa ƙarshen shekarar 2027 a matsayin lokacin da take son injinan kantuna su iya karanta murabba'in kamar yadda suke karanta layukan.

A tsakanin haka maganganu biyu sun yaɗu a wayoyi. Ta farko, wai lambobi ukun farko suna faɗin ƙasar da aka yi kaya. Ta biyu, wai in waya ta karanta alamar, kayan na asali ne. Kowacce tana da ɗan ƙamshin gaskiya, shi ya sa suke da wuyar kashewa.

## Layukan tsaye: lamba ce kawai

Alamar da aka fi sani ita ce mai layuka, wadda ƴan Najeriya ke kira bakod, masu Faransanci kuma su ce kodbar. An fara karanta ta a kanti ranar 26 ga Yuni 1974, a garin Troy na jihar Ohio a Amurka, a jikin fakitin cingam. Ta Amurka tana da lambobi 12, sunanta UPC-A. Wadda ta fi yawa a kasuwanninmu tana da 13, sunanta EAN-13. Akwai ƙarama mai lambobi 8 da ake sa wa kayan da ba su da fili, irin su alawa.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, layukan da lambobin da ke ƙasansu abu ɗaya ne. Lambobin na idon mutum ne, layukan na idon inji. Babu wani sirri da aka ɓoye a cikin kauri da sirantar layukan wanda ba a rubuta a fili ba. Babu kuɗin kaya a ciki, babu ranar da aka yi shi, babu ranar lalacewa, ko sunansa ma babu. Idan mai kanti ya haska gwangwanin madara allo ya nuna suna da farashi, daga kwamfutar kantin suka fito, inda wani ya zauna ya rubuta cewa lamba kaza madara ce, kuɗinta kaza. Shi ya sa gwangwani ɗaya zai nuna jika guda a wannan kanti, ya nuna jika da ɗari a na gaba, layukan kuwa ba su motsa ba.

Haka kuma, lambar ta nau'in kaya ce, ba ta gwangwanin da ke hannunka ba. Duk gwangwanin madarar nan mai wannan girma, ko miliyan nawa aka yi, bana ko bara, lambarsu ɗaya.

Lambobi 13 ɗin sun kasu uku. Kashin farko na kamfani ne, kuma shi ne yake farawa da lambobi ukun da ake ta magana a kansu. Na biyu lambar da kamfanin ya ba kayansa. Na uku lamba ɗaya tilo a ƙarshe, mai gadin sauran.

## Shin 615 na nufin "an yi a Najeriya"?

Gaskiya ne an raba lambobin farko ƙasa-ƙasa. 615 ta Najeriya ce, 613 Aljeriya, 611 Maroko, 618 Kodebuwa, 603 Gana, 890 Indiya, 690 zuwa 699 Sin, 300 zuwa 379 Faransa. Amma abin da suke nunawa shi ne ofishin GS1 na ƙasar da kamfani ya yi rajista ya karɓi lamba, ba inda masana'anta take ba.

Ɗan kasuwar Kano da ke da rajista a Najeriya zai iya sa a yi masa tocila a Sin da sunan kamfaninsa, a buga mata lamba mai farawa da 615. Babban kamfanin Turai kuma zai iya haɗa sabulu a Legas ya bar lambarsa ta gida. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, haka tsarin yake. Mai neman ƙasar da aka yi kaya sai ya nemi rubutun da ke cewa "Made in" ko "Fabriqué en", tare da adireshin masana'anta.

Masu kare maganar lambobi ukun suna da hujja: sau da yawa ƙasar rajista da ƙasar ƙira sukan zo ɗaya, musamman ga ƙananan kamfanoni masu yin kayansu da kansu. Wannan haka ne. Sai dai "sau da yawa" ba ta isa a yanke hukunci a kan kwali guda ba. Amfanin lambobin ya fi fitowa idan suka saɓa wa sauran rubutun ta hanyar da ba ta da ma'ana. Littattafai suna farawa da 978 ko 979, to in aka ga kwalbar man shafawa da 978, wani ne ya kwafo zanen daga bayan littafi. Lambar da ta fara da 2 kuma, daga 20 zuwa 29, ta cikin gida ce: kanti ne yake buga ta da kansa ya manna wa abin da ya auna a sikeli, kamar nama ko tuffa. A nan ana iya samun nauyi ko farashi a cikin layuka, kuma ba ta da ma'ana da zarar an fita ƙofar wannan kantin.

## Lambar ƙarshe, da yadda ake lissafa ta

Lamba ta 13 ba zaɓenta ake yi ba, lissafi ne yake fitar da ita daga sauran 12. Kowa zai iya gwadawa da biro a bayan kwali. Ga lambar misali:

```
615123456789?
```

A ɗauki lambobin da ke gurbi na ɗaya, na uku, na biyar, har na sha ɗaya: 6, 5, 2, 4, 6, 8. Jimillarsu 31. Sai na gurbi na biyu, na huɗu, har na sha biyu: 1, 1, 3, 5, 7, 9. Jimillarsu 26, a ninka sau uku, 78. A haɗa 31 da 78, an sami 109. Nawa ya rage a cika goma ta gaba, wato 110? Ɗaya. To lambar ƙarshe 1 ce, cikakkiyar lambar kuma `6151234567891`.

An yi wannan ne don kama kuskure. In inji ya karanta lamba ɗaya ba daidai ba, ko mai kanti ya buga ta da hannu ya zame, lissafin ba zai fita ba, injin ya ƙi karɓa. Yana kama duk kuskuren lamba guda, yana kama yawancin juyin lambobi biyu maƙwabta, sai waɗanda tazarar da ke tsakaninsu biyar ce, kamar 2 da 7.

Game da jabu kuwa, amfaninsa ta gefe ɗaya ne. Idan lissafin bai fita ba, lalle akwai matsala: wani ya ƙirƙiri lambobin da ka. Idan ya fita, bai tabbatar da komai ba, tunda mai jabu ba ya wahalar ƙirƙira, hoton na asalin yake ɗauka ya buga.

## Alamar katan ba ta kiri ba ce

Ƴan sari sun san wata alamar daban a jikin babban katan: layuka manya, galibi an kewaye su da baƙin firam mai kauri, lambobi 14. Sunanta ITF-14. An yi ta da girma ne saboda bugu a kan takardar katan ba ya fita sumul. Ita ma lamba ce kawai, amma ta katan ɗin gaba ɗaya, ba ta ƙwayar da ke ciki ba. Shagon da ya fara aiki da kwamfuta yakan yi tuntuɓe a nan: yaro ya haska katan, allo ya ce babu wannan kaya, alhali lambar ƙwaya kaɗai aka shigar.

Wani lokaci ana ganin farar takarda manne a katan, da dogon layi-layi da lambobi a ƙasa, wasu a cikin baka biyu. Wannan GS1-128 ce, kuma ta fi sauran baki: tana iya ɗaukar lambar zubi, wato rukunin kayan da aka yi a tashi ɗaya, da ranar ƙarewar wa'adi. Lambobin cikin bakan su ne ke faɗin me ke biye da su, kuma su ne za mu sake tararwa a kwalin magani.

## Murabba'ai biyu da ake rikitawa

Bambanta su da ido ba shi da wuya. QR yana da manyan idanu uku masu kusurwa huɗu, biyu a sama, ɗaya a ƙasa ta hagu. Ɗayan, Data Matrix, ba shi da ido ko ɗaya. Gefensa na hagu da na ƙasa baƙin layi ne miƙaƙƙe, kamar harafin L, sauran gefuna biyun kuma ɗigo baƙi ɗigo fari. Yawanci ƙarami ne, bai kai farcen babban yatsa ba.

Kamfanin Denso Wave na Japan ne ya fito da QR a 1994 don bin sawun kayan gyaran mota a masana'anta. Mafi girmansa yana ɗaukar lambobi 7,089, kuma an gina shi da maimaici ta yadda ko wani sashe ya goge, daga kashi 7 har kashi 30 cikin ɗari gwargwadon yadda aka tsara shi, zai karantu. Amma a jikin kayan masarufi, abin da aka fi zubawa a ciki shi ne adireshin shafin intanet. Wayarka ba ta binciki kayan ba, ta karanta adireshi ne ta kai ka can.

Daga nan ne maganar "waya ta karanta, na asali ne" take rushewa. Yin QR kyauta ne, minti ɗaya ya isa. Mai jabu yana da hanya biyu. Ko ya kwafi QR ɗin kamfanin gaskiya, ka haska ka faɗa shafin gaskiya, hankalinka ya kwanta. Ko ya buɗe nasa shafin mai kama da na kamfanin, da koren tambari yana cewa kayan ingantattu ne. A kan wannan ta biyun, abin dubawa shi ne adireshin da waya ta nuna kafin a taɓa shi: sunan kamfanin ne daidai, ko an ƙara harafi, ko an sauya wutsiyar? A kuma shafa da yatsa a ji ko QR ɗin bugu ne a jikin kwalin ko takarda ce aka manna a kan wani. Shafin da ya nemi lambar sirrin asusunka ko lambar da aka turo maka ta saƙo, wai don ka ci kyauta, ba shi da alaƙa da tantance kaya.

Sabon QR ɗin da GS1 ke turawa ya ɗan bambanta: adireshi ne, amma lambar kayan tana cikinsa bayan `/01/`, ta yadda injin kanti zai ciro lambar, wayar mai saye kuma ta buɗe shafin. Kafin injina su gama sauyawa, kamfanoni suna buga tsohuwar alamar da sabuwar tare, abin da ya ƙara cunkoson zane a kwali.

## Kwalin magani guda, daki-daki

Data Matrix ya fi fitowa a kwalin magani. Tun 9 ga Fabrairu 2019 dokar Tarayyar Turai ta wajabta shi a kan yawancin magungunan da likita ke rubutawa, masana'antun da ke sayar wa ƙasashe da yawa kuma suna buga shi. Kyamarar wayoyi da dama ba ta kula shi, sai an sauke manhajar karanta lambobi. Mutum ya haska, shiru, ya ce jabu ne, alhali wayar ce ba ta iya ba.

A ɗauka wata mata ta kawo wa ɗan'uwanta mai aiki a farmasi kwalin maganin hawan jini da aka sayo wa mahaifiyarsu a wajen mai talla.

"Yaya, duba mini wannan, na ga arharsa ta yi yawa."

Ya haska ƙaramin murabba'in da manhaja, allo ya nuna wannan jeri, wanda shi ma na misali ne:

```
01089012345678901727053110AB417
```

Kamar shirme, amma yana da ƙa'idar yanka. `01` na nufin lambar kaya ce ke biye, kuma kullum guda 14 ce. Sai `17`, ranar ƙarewar wa'adi, kullum guda 6. Sai `10`, lambar zubi, wato abin da ake rubutawa LOT a kwali, tsawonta ba ƙayyadadde ba ne, tana iya kai haruffa 20. Ga shi a yanke:

```
(01) 08901234567890
(17) 270531
(10) AB417
```

Da ƙirga ake yankawa, ba da neman lamba da ido ba. Wanda ya tafi farautar "10" zai gan ta tun a farkon jerin, inda ba ita ba ce. Jerin waɗannan gidaje uku ma yakan sauya daga kamfani zuwa kamfani.

Ranar ita ce inda aka fi faɗuwa. Tsarinta shekara, wata, rana. `270531` na nufin 31 ga Mayu 2027. Wanda ya saba da rubutun Faransanci zai karanta 27 ga Mayu 2031, ya ƙara wa magani shekara huɗu da bakinsa. In aka ga 00 a gurbin rana, ana nufin ƙarshen watan.

Yanzu sai a juya kwalin a duba abin da aka buga wa ido. A misalinmu an rubuta LOT AB417, ya yi daidai. Amma EXP ya nuna 05/2029, kuma in an karkata kwalin a haske, wajen ya ɗan yi kaushi kamar an kankare. Murabba'in yana cewa 2027, tawada tana cewa 2029. Inji ɗaya ne ke buga su lokaci ɗaya a masana'anta, ba su da dalilin saɓawa. Sauya lamba guda da tawada abu ne mai sauƙi, sake zana murabba'in ba tare da an gane ba ya fi wuya, shi ya sa mai ƙara wa kaya wa'adi yakan bar shi yadda yake. Mataki na gaba shi ne a zaro katin ƙwayoyin a ga ko zubi da ranar da aka danna a gefensa sun yi daidai da na kwalin.

Akwai gida na huɗu da yakan zo, `21`, wanda ake rubutawa SN a kwali. Wannan lambar kwali ɗaya ce tak, ba ta da tagwai. Mai farmasi da ya karɓi kwali goma zai iya haska uku ko huɗu. Lambar kaya, rana da zubi za su iya zama ɗaya. Amma in kwali biyu suka nuna SN ɗaya, aƙalla ɗayansu kwafi ne.

Iyakar wannan gwaji a bayyane take. A Turai, SN tana da haƙora ne saboda akwai rumbun bayanai: masana'anta ta shigar da lambar, mai farmasi ya haska lokacin miƙa magani, a kashe ta, in ta sake bayyana inji ya yi ƙara. Wayar da ke hannun mutum a Maraɗi ba ta tambayar wannan rumbun. Tana nuna abin da aka rubuta ne kawai. Saɓani hujja ce mai ƙarfi cewa an taɓa kwalin. Daidaito kuwa yana nufin kwalin bai ƙaryata kansa ba, amma bai ce komai a kan abin da ke cikin ƙwayar ba.

## Tambarin kankarewa da lambar NAFDAC

Magungunan da suka biyo ta Najeriya, musamman na zazzaɓin cizon sauro, sukan zo da wani ɗan fili mai ruwan azurfa kamar na katin waya. Hukumar NAFDAC, mai kula da abinci da magunguna a Najeriya, ta fara wannan tsari a 2010: a kankare, a tura lambar ta saƙon waya, amsa ta dawo. Ya fi QR na talla ƙarfi saboda dalili biyu, lambar a ɓoye take, kuma akwai rumbun da ke tuna ko an taɓa turo ta. Sai dai gajerun lambobin da ake tura saƙon na layukan Najeriya ne, don haka rashin amsa a layin Nijar ba ya nuna komai. In kuwa an tarar filin a kankare tun a shago, amfaninsa ya riga ya tafi.

Lambar rajistar NAFDAC da ake bugawa a kwali rubutu ne na ido, ba na inji ba. Tana nufin an yi wa nau'in kayan rajista a Najeriya, kuma ana kwafar ta kamar yadda ake kwafar layuka.

## Inda ra'ayoyi suka rabu, da wanda abin zai shafa

Yawancin ƴan kiri suna ganin duk wannan ado ne. Ciniki a kasuwa da baki ake yi, ba inji, ba kwamfuta, kuma sun ga jabu da zane mai kyau fiye da na asali. A kan tantancewa suna da gaskiya. Masu farmasi da manyan ƴan sari kuma suna kallon wani gefen: idan aka yi shelar janye wani zubi na magani ko madarar jarirai, lambar zubi ce kaɗai ke raba katan mai matsala da sauran, ba sai an zubar da sito duka ba. Ɓangarorin biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba. Na farko suna tambayar ko alamar tana hana yaudara, na biyu suna tambayar ko tana taimakawa a bi sawun kaya.

Wanda sauyin zai fi taɓawa kai tsaye shi ne ƙaramin mai sana'a: ƙungiyar matan da ke matse man gyaɗa, mai kilishi, mai garin kunu da ke son kayansa su shiga kantunan Yamai ko su ƙetare iyaka. Kanti mai inji zai ce ya sa bakod. Hanya mai arha ita ce mai buga takarda ya samo wata lamba a intanet ya zana, kuma za ta karantu. Matsalar tana zuwa ranar da lambar ta yi karo da ta wani kaya, a haska man gyaɗa allo ya nuna sabulu, ko babban mai saye ya bincika ya ga lambar ba da sunansa take ba. Lambar da ba ta karo ita ce wadda aka karɓa ta hanyar rajista da GS1, ana kuma biyan kuɗinta. Kowane girma yana buƙatar tasa: kwalbar lita ɗaya daban, ta rabin lita daban.

Bugun ma yana da sharuɗɗa da masu zanen takarda kan manta. Layuka ja a kan fari suna da kyau a ido, amma injin da ke haskawa da jan haske ba ya ganinsu, fari fat yake gani. Baƙi ko shuɗi mai duhu a kan fari shi ne abin dogaro. Dole a bar farin fili a dama da hagu, kada rubutu ko hoto ya matse layukan. A siririyar kwalba kuma gara a kwantar da alamar, layukan su jeru kamar matakan tsani, don kada lanƙwasar kwalbar ta ɓoye na gefe. Kafin a biya kuɗin takarda dubu biyar, a buga guda ɗaya, a manna a kwalbar, a kai wani kanti mai inji a roƙi mai karɓar kuɗi ya haska.